Tsakanin "Kina Burge Ni" da "Ina Son Ki"

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Daga nan Kaduna muke gaishe ku, mutanen Kawo da Unguwar Dosa, Malali da Badarawa, Unguwar Rimi da Unguwar Sarki, da duk wanda muryarmu ta iske shi a gida ko a kan hanya. Yau a filinmu na harshe da fassara za mu zauna ne a kan kalma guda, gajeriya ƙwarai, wadda na daɗe ina ganin tana kayar da tafintoci. Kalmar ita ce "so".

Ku saurari waɗannan maganganu uku. Ina son shayi. Ina son in je Zariya gobe. Ina son ki. Kalma ɗaya ce a dukkansu, amma ta farko ɗanɗano ne, ta biyu niyya ce, ta uku kuwa magana ce da kan iya kai mutum gaban waliyyai da goro. Bature ya ware wa kowace tata kalmar. Abin da yake nufin yi yana da tasa. Abin da ya yi masa daɗi yana ce masa "layik". Abin da ya kama zuciyarsa kuma "lob", wadda samarinmu suka lanƙwasa har suka fitar da "lobayya". Tsakanin biyun nan na ƙarshe akwai wata, "fond", wadda ta fi ta farko ɗumi amma ba ta kai ta biyu zafi ba.

Da jin haka sai mutum ya ce ai aikin ya yi sauƙi, tunda Turanci ya jera su kamar matakala, sai mu ma mu jera namu. To, nan gizo ke saƙa. Bature bai tsaya a kan matakalar tasa ba. Da "lob" ɗin yake yabon tuwon da ya ci, da ita yake rufe wasiƙa zuwa ga gwaggonsa, da ita kuma yake neman aure. Ita "layik" da muke ɗauka mara nauyi, saurayi mai kunya kan ɓoye babban al'amari a bayanta. Saboda haka kalmar da ke kan takarda ba ta isa ta gaya maka zurfin ruwan ba.

Wannan gari ya daɗe yana wannan aiki. Tun da aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a nan Kaduna a 1962, labarai kan iso da Turanci a juya su zuwa Hausa kafin lokacin karantawa ya yi. Kafin nan, a 1955, gwamnatin Arewa ta kafa hukumar kula da harshen Hausa, wadda ta yi ta fama da daidaita rubutu da kalmomin aro. Irin wannan zama yana iya yanke yadda za a kira ma'aikata ko muƙami, kowa ya bi. Amma babu kwamitin da zai yanke maka abin da bazawara za ta ce wa abokin marigayin mijinta a tashar mota. Wannan sai kunnen mai fassara. Kuma ku lura, shirin gaishe-gaishen da ya yi tashe a rediyon garin nan, Zaɓi Sonka, son da ke cikin sunansa na waƙar da ta yi maka daɗi ne kawai.

Bari in ba ku labarin ranar da wannan kalma ta kusa kunyata ni.

An taɓa ba ni wani wasan kwaikwayo na rediyo da aka rubuta da Turanci, in mayar da shi Hausa. Kashi-kashi ake aiko mini da shi, ban ga ƙarshensa ba na fara. A cikin labarin akwai wata mata, tela ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yaro ɗaya. Akwai kuma abokin marigayin, malamin makaranta, wanda yake leƙo su, yana biya wa yaron kuɗin littattafai. A kashi na huɗu an yi masa canjin wurin aiki, ta rako shi tasha da yaron. Ni na mayar da tashar ta zama ta Kawo, don mai sauraro ya ji a gida yake. Kafin ya shiga mota sai ya ce mata wata magana da kalmar nan "fond", wato a tsawon wannan lokaci wani abu ya tsiro masa game da ita. Ita kuma ta amsa da "layik", ta ce ita ma haka.

Ban yi wata-wata ba na rubuta masa, "Maman Abba, na kamu da son ki." Ita kuma na sa mata, "Ni ma ina son ka." Na ga ya zauna, har ina jin daɗin kaina.

Ranar gwaji, wata dattijuwa cikin 'yan wasan, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta ajiye takardarta ta dube ni. Ta ce, "Malam, to yaushe zai turo magabatansa?" Na ce, "Hajiya, wane magabata?" Ta ce, "Ai ka riga ka ɗaura. Namiji ya tsaya a tasha ya ce wa matar da ta fita takaba ya kamu da son ta, ita kuma ta buɗe baki ta amsa a gaban ɗanta, me ya rage in ban da sa rana?"

Na koma na nemi ragowar kashin. Ashe a kashi na tara malamin wata daban zai aura, kuma telar nan ce za ta ɗinka wa amarya kaya da farin cikinta. Marubucin zumunci yake nufi tun farko. Da fassarata ta fita a iska, da mutumin kirki ya koma mayaudari a kunnen jama'a, ita kuma ta zama wadda aka ci amanarta tana murmushi. Kalma biyu sun isa su rushe kashi biyar.

Ga yadda muka gyara. Shi ya ce, "Maman Abba, wallahi na shaƙu da ku, ke da yaron nan." Ita ta ce, "Mu ma muna jin daɗinka, Malam. Allah ya bar zumunci."

Ku duba abin da ya canza, domin abu uku ne. Na farko, shaƙuwa ta maye gurbin so. Shaƙuwa abu ce da zama tare ke haifarwa a hankali, kuma ba ta ɗora wa kowa alkawari. Kana iya shaƙuwa da maƙwabci, da almajirin gidanku, da abokin aiki. Ita ce mafi kusa da abin da Bature ke nufi da "fond" idan ya haɗa ta da tsawon lokaci. Na biyu, "ki" ta koma "ku". Wannan ƙaramin abu ne a baki amma babba ne a ma'ana. Turanci yana da wakilin suna guda ga wanda ake yi wa magana, ko namiji ne, ko mace, ko taro. Hausa kuwa dole ka zaɓa: ka, ki, ko ku. Da na ce "ki", na ware ta ita kaɗai na tsayar a gabansa. Da na ce "ku", yaron ya shigo tsakani, maganar ta zama ta gida. Na uku, ita ta amsa da "mu", ta kuma rufe da addu'a. Haka Bahaushiya mai kamun kai take karɓar magana mai ɗumi ba tare da ta buɗe ƙofa ba.

Da a ce labarin aure zai kai su fa? Ko a nan ba zan bar "na kamu da son ki" a kashi na huɗu ba, don marubucin bai kai can ba tukuna. Zan sa masa, "Kin kwanta mini a rai, Maman Abba." Akwai "ki" a ciki, an ware ta, amma bai furta kalmar da za a riƙe shi da ita ba. Ita kuma ba za ta ce komai ba sai, "Allah ya kiyaye hanya, Malam," da muryar da mai sauraro zai gane. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa. A rediyo ba fuska, sai murya da ɗan shirun da ke gaban magana.

Idan kuma marubucin da gangan ya bar abin a rufe, yana son mai sauraro ya kwana yana tambayar kansa, to ba hurumina ba ne in buɗe. Sai in nemi maganar da ita ma fuska biyu gare ta. Misali, "Na saba da ku, ban san yadda zan yi da kewa ba." Kewar wa? Tata ko ta yaron? Bai faɗa ba. Ai sabo ake yi wa kuka, kuma mai kewa bai yi wa kowa alkawari ba, amma bai ce babu komai ba.

Tun daga ranar, duk lokacin da na rubuta irin wannan layi, nakan yi masa gwajin Hajiya. In karanta shi da ƙarfi, in tambayi kaina, idan dattijuwa ta ji wannan daga bayan labule, wace tambaya za ta yi? Idan tambayarta "yaushe za a turo" ce alhali labarin bai nufi can ba, na zarce. Idan kuwa labarin na masoya ne amma ta ji ta ci gaba da tankaɗenta, ban kai ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake fassara so da danginsa daga Turanci zuwa Hausa.

Yanzu sai ƙauna, wadda ita ce mutane ke gudu gare ta idan so ya ba su tsoro. Kowa ya san Hausawa sun bambanta su, ko ba su iya faɗin bambancin ba. Shahararren littafin nan na Ado Ahmad Gidan Dabino na farkon shekarun 1990, In Da So Da Ƙauna, sunansa kaɗai ya ajiye su gefe da gefe a matsayin abu biyu. Da aka fassara shi zuwa Turanci, sai aka ba shi wani suna daban mai maganar rai da zuciya, domin da an bi kalma da kalma, da "lob" ce za ta fito sau biyu.

A kunnena, so yana iya zama na farat ɗaya, yana iya zama na kwaɗayi, yana kuma iya gushewa. Ƙauna ta fi natsuwa, akwai tausayi a cikinta, akwai kuma fata. Shaidata ita ce idan Bahaushe ya fid da rai da abu, cewa yake ya yanke ƙauna. Wato wanda kake ƙauna, kana da sauran buri a kansa. Shi ya sa ta dace da uwa da ɗanta, da miji da matar da suka tsufa tare, da bawa da Ubangijinsa. A coci-cocin garin nan da ake sujada da Hausa, ƙauna ce kalmar da ake ji a wa'azi, har ana raɗa wa 'ya'ya mata suna Ƙauna. A zauren malamai kuma za ka ji muhibba da shauƙi, da begen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Bege kuwa so ne da nisa ya shiga tsakaninsa, don haka kada ka ba wanda ke zaune kusa da matarsa.

Amma ƙauna ba mafaka ba ce. Idan Bature ya ce yana "lob" ɗin ƙwallo, ka ce yana ƙaunar ƙwallo, ka sa wa wasa rawani. Ka ce ƙwallo na burge shi, ko yana son ƙwallo ƙwarai, ko a bakin matasa, yana yin ƙwallo. Sannan ku yi hattara da korewa. Bature kan ce ba ya "layik" ɗin wane, abin nufi kawai bai yi masa ba. Idan ka fassara da "ba na ƙaunar sa", ka ƙulla gaba, domin a Hausa wannan dab take da ƙiyayya. Ko "ba na son sa" ta yi nauyi. Abin da ya dace shi ne "bai kwanta mini ba", ko "jinina bai haɗu da nasa ba". Na ga wannan kuskure a fassarar hirar 'yan siyasa, inda ɗan saɓanin ra'ayi kan fito da kamannin daɗaɗɗiyar gaba.

Akwai wasu ramuka da zan wuce su da sauri. Sha'awa: "halinki yana ba ni sha'awa" yabo ne, amma "ina sha'awar ki" magana ce da ba a faɗa a gaban surukai, kuma na sha ganin sababbin tafintoci sun faɗa ciki don ƙamus ya ba su kalmar. Soyayya: ƙarshenta irin na jayayya ne da ƙiyayya da auratayya, abin da ke tsakanin ɓangare biyu. Wanda ke dakon wadda ba ta san yana yi ba, ba soyayya yake ba, son maso wani yake, wanda aka ce ƙoshin wahala ne. Masu nasiha da Turanci kan ce mutum ya yi "lob" ɗin kansa, suna nufin ya san darajar kansa ya kula da lafiyarsa. Ka ce "son kai", ka koya wa jama'a mugun hali. "Diya" ta saman wasiƙar ofis kuwa gaisuwa ce kawai, "zuwa ga" ta wadatar. Wanda ya rubuta wa manajan banki "masoyina", shi ya sani.

Lokacin aikatau ma yana da nasa tarkon. Idan dattijo yana ba da labarin marigayiyar matarsa da Turanci, zai sa maganar a shuɗaɗɗen lokaci don ta rasu, ba don son ya ƙare ba. Ka ce "na so ta", Bahaushe zai ji kamar daga baya an daina. Gara "ina ƙaunar ta har Allah ya karɓi abarsa".

Kada ku ɗauka ina cewa a guji "so". Akwai inda faɗinsa shi ne maganin matsalar, kuma misalin da na fi so yana cikin wasan Shakespeare da marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan Daren Sha Biyu, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1971. A wasan, wata budurwa, Viola, ta tsira daga haɗarin jirgin ruwa, ta yi shigar maza ta shiga hidimar wani basarake, Orsino. Tana son sa, shi kuwa ya ɗauka yaronsa ne, har yana aiken ta neman auren wata. Idan ta nuna masa abin da ke ranta, shi biyayyar bara yake ji, 'yan kallo kuma sun san zuciyar mace ce ke magana. Duk daɗin wasan yana cikin wannan ruɗani.

To, sa kanka a kujerar mai fassara. Ka sa mata soyayya, asiri ya tonu tun ba a je ko'ina ba. Ka sa mata biyayya ko ladabi, ka kashe abin da 'yan kallo suka zo gani. Amma "ina son ka, ranka ya daɗe" daga bakin yaron sarki ba abin mamaki ba ne a ƙasar Hausa, inda ko ɗan siyasa yana da masoya. Sarki ya ji abu ɗaya, zaure ya ji wani. A nan so ya yi aikin da "lob" ta yi a asali, daidai wa daida. A cikin wasan nan dai akwai Olivia mai makokin ɗan'uwanta, wadda ƙauna da kewa suka dace da ita, da kuma Antonio wanda ya ceci ɗan'uwan Viola daga teku ya kuma bi shi cikin garin da ake neman sa, wanda aminci da ƙauna za su ɗauke shi. Kalma guda a Turanci, mutum uku, Hausa uku.

Wani mai sauraro zai ce, to idan uba a fim ɗin Turawa ya ce wa ɗansa "ai lob yu" kafin ya tafi makaranta fa? Wannan ya danganta da abin da aka ba ka ka yi. Idan kana nuna wa Bahaushe yadda Turawa ke rayuwa ne, bar shi ya ce "ina ƙaunar ka, ɗana", mai kallo ya san baƙon gida ya leƙa. Idan kuwa an ce ka dasa labarin a Unguwar Kanawa, ka san mu mutane ne masu alkunya, har akwai uwar da ba ta kama sunan ɗanta na fari. Uban Unguwar Kanawa zai dafa kan yaron ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na san gidaje suna canzawa, iyaye matasa da yawa yanzu suna furta wa 'ya'yansu kai tsaye, don haka sai ka duba shekarun uban da irin gidansa kafin ka zaɓa masa.

Shi kuwa malamin makarantar nan na tashar Kawo, a kashi na ƙarshe ya aiko wa Maman Abba wasiƙa, marubucin ya rufe ta da "lob" sannan sunansa, kamar yadda Turawa ke yi wa dangi. Wannan karon ban jira Hajiya ta ajiye takarda ba. Na rubuta, "Ki shafa mini kan Abba. Naku a kullum." Ta karanta, ta gyaɗa kai, muka wuce shafi na gaba.

Lokaci ya cim mana, jama'a. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)